Katunan Bita Kafin Bak: A Wace Rana Za a Daina Ƙara Sababbi?

Ɗalibin ajin ƙarshe na lise a Yamai, wanda zai zauna jarabawar bakaloriya a watan Yuli, yakan shiga makonni takwas na ƙarshe tun cikin watan Mayu, lokacin da zafi bai sauka ba kuma malamai ba su kammala darussan shekara ba. Wasu daga cikin ɗaliban da ke irin wannan hali, da kuma ɗaliban likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, suna amfani da katunan bita. A gaban kati akwai tambaya ɗaya, a bayansa akwai amsa. Ɗalibi ya karanta tambayar, ya fitar da amsar daga kansa, sannan ya juya katin ya duba. Katin da ya ci sai a ɗaga shi zuwa wata rana mai nisa, wanda ya faɗi kuma ya dawo washegari. Masu wannan hanya ba su da saɓani a kan cewa tana aiki. Inda suka rabu shi ne yadda za a raba sababbin katuna a kan kwanaki 56: ɓangare ɗaya na ganin a shigar da su duka a makonni huɗu na farko a bar sauran kwanakin ga bita, ɗaya ɓangaren na ganin a riƙa shigar da su kaɗan-kaɗan har jajibirin jarabawa.

Tushen hanyar tsoho ne. A shekarar 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa, inda ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a awoyi da kwanakin farko, daga baya ta lafa, kuma maimaicin da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. A 1972 Sebastian Leitner ya bayyana akwatin katuna mai ɗakuna biyar, inda kati ke matsawa gaba idan an ci shi, ya koma ɗakin farko idan an faɗi. A 1987 Piotr Woźniak na ƙasar Polan ya mai da lissafin tazarar cikin kwamfuta, kuma a kan wannan lissafi aka fara gina manhajar Anki a 2006. Wanda ya yi makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin mahaddaci bai taɓa dogaro da sabon allo kaɗai ba, sai ya haɗa da tilawar abin da ya wuce, kuma tilawar tana ƙara yawa yayin da hadda ke nisa. Wannan ƙaruwar ta tilawa ita ce ainihin abin da ɓangarorin biyu suke jayayya a kai.

Ba a iya auna hujjojinsu sai da lissafi, don haka a ɗauki misalin ɗaliba mai shirin bak na sashen D, wadda ta tsamo katuna 560 daga darussanta na ilimin halittu, fiziya da kimiyyar sinadarai, da tarihi da labarin ƙasa. A ce kowane kati za a sake ganinsa bayan kwana 1, sai bayan ƙarin kwana 3, sai 7, sai 14, sai 21. Ke nan katin da aka koya yau zai dawo a rana ta 1, ta 4, ta 11, ta 25 da ta 46 bayan koyonsa. Waɗannan tazarori ba doka ba ne, amma sun yi kusa da abin da akwatin Leitner ko manhaja ke bayarwa, kuma suna da sauƙin rubutawa a kalanda. Abin lura a nan shi ne bita ta huɗu tana buƙatar kwana 25. Duk katin da ya shigo bayan rana ta 31 ba zai same ta ba kafin ranar jarabawa.

Masu cewa a tara sababbi da wuri za su ba ɗalibar katuna 20 kullum har kwana 28. A makon farko aikin ba shi da nauyi: sababbi 20, da bita 20, daga rana ta 5 kuma bita 40. Daga rana ta 12 bitar ta koma 60. A ranaku na 26, 27 da 28 aikin ya kai ƙololuwa, wato sababbi 20 da bita 80, jimilla 100 a rana. Daga nan sai ya fara sauka. A rana ta 33 bitar ta koma 40, daga rana ta 40 zuwa ta 46 kuwa katuna 20 kawai take gani. Da wannan tsari kowane ɗaya daga cikin katunan 560 ya sami bita huɗu, 200 na farko ma sun sami biyar.

Masu cewa a rarraba za su ba ta katuna 10 kullum har kwana 56. Aikinta ba zai taɓa wuce katuna 60 a rana ba, amma wannan 60 ɗin tana zuwa ne a kwanaki goma na ƙarshe. Katuna 310 ne kawai za su sami bita huɗu. Sauran 250 ba za su samu ba, kuma 110 daga cikinsu, waɗanda suka shigo daga rana ta 46, ba za a sake ganinsu fiye da sau biyu ba.

Hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren farko ba ta tsaya ga yawan bita ba. Ta shafi abin da ya kamata a yi da makonnin ƙarshe. Jarabawar bak ba ta tambayar kati. A ilimin halittu ana ba ɗalibi zane ko sakamakon gwaji a ce ya yi nazari ya yanke hukunci. A lissafi da fiziya ana ba shi matsala mai matakai da yawa. A falsafa da tarihi ana so ya gina rubutu mai gabatarwa da hujjoji cikin Faransanci. Waɗannan ba a koyon su sai da zama a kan tsofaffin takardun jarabawa, da agogo a gefe, na awa uku ko huɗu. Ɗalibar da ta gama sababbin katuna a mako na huɗu tana da makonni na shida da na bakwai kusan a sake, kuma tana shiga tsofaffin takardun da ma'anoni da ƙa'idoji a kanta. Wadda ta rarraba kuwa, a daidai kwanakin da ya kamata ta zauna gwaji, tana nan tana rubuta sabon kati. Ɗaliban likitanci da suka daɗe da Anki sukan ƙara da cewa tsarin farko yana barin wurin gyara. Idan zazzaɓi ya kwantar da mutum kwana huɗu a mako na uku, akwai inda zai tura abin da ya rage. A tsarin rarrabawa kowace rana tana da nata kason, kuma kason ranar da aka rasa sai dai ya hau kan wata.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujjoji, kuma ta farko daga aji ta fito. Malamin da ya san yadda shekarar karatu ke tafiya zai ce ba a yin kati a kan darasin da ba a koyar ba. Sau da yawa babi na ƙarshe na manhajar karatu ba a kai shi sai cikin watan Yuni. Ɗalibin da ya rantse cewa zai rufe sababbin katuna a rana ta 28, ko dai ya bar waɗannan babuka gaba ɗaya, ko ya kwafo su daga kayen wani ya haddace abin da bai fahimta ba. Na biyun ya fi muni. Katin da aka haddace ba tare da fahimta ba yana faɗuwa a kai a kai, kuma ko an riƙe shi ba ya amfani idan aka juya tambayar. Wannan hujja gaskiya ce, kuma masu tarawa da wuri ba su da amsar da za ta kawar da ita gaba ɗaya.

Hujja ta biyu ta shafi juriya. Katuna 100 a rana, idan an ba kowane sabo minti ɗaya, kowace bita kuma daƙiƙa 15, minti 40 ne. Wannan lissafi ne na wanda ba ya mantuwa. Idan ɗaliba tana faɗuwa a 15 cikin kowane 100, to a ranar bita 80 katuna 12 za su koma farko, su sake bin tazarar daga kwana 1, kuma aikin zai doshi awa ɗaya. Ba a ma haɗa lokacin rubuta katunan ba. Minti biyu ga kowane kati, sau 560, ya kusa awa 19, kuma a tsarin farko dole a same su cikin makonni huɗu. Duk wannan yana faɗowa ne a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da zafin rana a Yamai ke wuce digiri 40, barcin dare ba ya daɗi, wutar lantarki na iya ɗaukewa, kuma makarantu na gudanar da jarabawar gwaji. Wanda ya tsallake kwana uku a ƙololuwar tsarin farko zai tarar da katuna 240 suna jiransa, ban da na ranar. A tsarin rarrabawa abin da zai tarar bai wuce 150 ba. Ɗalibai da yawa ba a ranar farko suke watsar da katuna ba. Suna watsar da su ne ranar da suka buɗe akwati ko waya suka ga tarin da ya fi ƙarfinsu.

Akwai hujja ta uku, wadda rabinta gaskiya ne. Masu rarrabawa suna cewa katin da aka koya kwana biyar kafin jarabawa ba ya buƙatar bita huɗu, tunda bai sami lokacin ɓacewa ba. Bincike yana ba su goyon baya zuwa wani wuri. A 2008 Nicholas Cepeda da abokan aikinsa sun gwada mutane fiye da 1,300, suka ga cewa tazarar da ta fi dacewa tsakanin koyo da bita ta dogara ne da nisan ranar gwaji. Idan gwajin zai zo bayan kwana 35, tazarar kusan kwana 11 ce ta fi. Idan bayan kwana 70 ne, kusan kwana 21. Idan gwajin na kusa, gajeriyar tazara ta isa. Saboda haka ba daidai ba ne a ce katunan makon ƙarshe ɓata lokaci ne. Inda hujjar ta gaza shi ne ta ɗauka cewa kowane kati zai zauna daga karon farko. Ba haka abin yake ba. A cikin kowane rukuni akwai katunan da ke da taurin kai, kuma ba a gane su sai a bita ta uku, bayan mako guda ba a gan su ba. Katin da ya shigo a rana ta 50 ba zai taɓa fuskantar wannan gwaji ba kafin zauren jarabawa. Ɗaliba za ta ji ta san shi domin jiya ta gani, kuma wannan ji shi ne mafi yaudara. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa masu maimaita karatu sun fi masu gwada kansu tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda masu gwada kansu ne suka yi gaba da nisa, duk da cewa masu maimaitawar ne suka fi amincewa da kansu.

Akan samu kuma waɗanda suka ɗauki gardamar ta wata fuska dabam. Wani zai ce tambayar ita ce takarda ko waya, wai manhaja ce ke tsara komai don haka babu abin shiryawa. Wannan kuskure ne. Anki ba ta san ranar bak ba. An gina ta don riƙe abu shekaru, shi ya sa iyakar tazararta ta asali kwana 36,500 ce. Idan aka bar ta haka, katin da ɗaliba ta ci sau uku ko huɗu a jere zai iya tafiya har bayan jarabawa ba tare da ta sake ganinsa ba. Adadin sababbin katuna ma mutum ne ke sa shi. Manhajar tana farawa da 20 a rana, kuma littafin jagorarta ya yi gargaɗin cewa mai ci gaba da shigar da 20 kullum zai kai bita kusan 200 a rana. Wannan ya ninka lissafin da aka yi a sama, domin ya haɗa da mantuwa da kuma tarin watanni. Gardamar tana nan yadda take, ko da kwali aka yanka ko da waya ake aiki.

Wani kuma zai kawo nasa labarin, ya ce shi a kwana goma na ƙarshe ya haddace komai kuma ya ci bak. Hakan na faruwa, kuma ba a musanta shi. Sai dai mai wannan magana ba ya iya raba abin da kwana goman suka ba shi da abin da wata tara na zama a aji suka ba shi, kuma ba a jin labarin waɗanda suka yi irin nasa suka faɗi.

Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, masu tarawa da wuri sun fi gaskiya game da manufa, masu rarrabawa kuma sun kawo sharuɗɗa biyu da ba za a tsallake ba: darussan da ke zuwa a makare, da ƙololuwar da ke karya ɗalibi. Akwai tsarin da ke ɗaukar duka biyun. Ɗalibar ta shigar da katuna 20 kullum a makonni biyu na farko, wato 280, lokacin da bita ba ta taru ba. A mako na uku da na huɗu ta sauko zuwa 15, wato 210. A mako na biyar ta sauko zuwa 10, wato 70, kuma waɗannan 70 ɗin a keɓe su ga babukan da malami ya kai a makare. Jimilla 560, an rufe a rana ta 35. Da wannan rabo aikin rana ba ya wuce katuna 80, kafin a haɗa waɗanda aka manta. Katuna 40 ne kawai, na ranaku 32 zuwa 35, bitarsu ta huɗu za ta faɗa bayan jarabawa, kuma ana jawo ta zuwa rana ta 53 ko ta 54. Idan wani babi ya zo bayan rana ta 35, a yi masa katuna kaɗan, goma ko goma sha biyar, na abin da ba makawa, sauran a koye shi ta hanyar aikin gwaji.

Jerin shigar da katuna yana da muhimmanci kamar adadinsu. Na farko su zama na darasin da ya fi nauyin maki a sashen ɗalibi kuma ya fi ba shi wuya, domin su ne za su sami bita biyar. Ɗalibai sukan yi akasin haka, su fara da abin da suka fi so. Kowane kati kuma ya ɗauki tambaya ɗaya. Katin da ke cewa a bayyana yadda jiki ke daidaita sukarin jini babi ne guda, kuma ba a iya cewa an ci shi ko an faɗi. A raba shi: waɗanne ƙwayoyi ne ke fitar da insulin, me ke sa su fitar da shi, me yake sa hanta ta yi. Haka ma a tarihi, taron Bandung na 1955 ya zama kati ɗaya na shekara, wani na manufarsa. Ranar 18 ga Disamba 1958 da ranar 3 ga Agusta 1960 su zama katuna biyu dabam, domin ɗalibai na haɗa ranar jamhuriya da ranar ƴancin kai. A rubuta amsa da harshen da za a yi jarabawa da shi, ko da an yi bayanin da Hausa ko Zabarmanci tsakanin abokai.

Mai aiki da takarda ya rubuta ranakun bita biyar a kusurwar kowane ɗaurin katuna na rana ɗaya, ya ɗaure da roba, ya ware ambulan guda ga waɗanda suka faɗi. Mai aiki da AnkiDroid, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, ya shiga zaɓuɓɓukan rukunin katunansa ya canza `New cards/day` a farkon kowane mataki, ya mai da shi 0 a rana ta 36, ya kuma sa `Maximum interval` a kan 21. A makon ƙarshe yana iya tattara katunan da suka fi ba shi wahala a rukuni na musamman da wannan bincike:

```
prop:lapses>=2
```

Ana gane tsari ya fara lalacewa tun kafin ya rushe. Idan a bitar da ke zuwa bayan mako guda ɗaliba tana faɗuwa a fiye da kati ɗaya cikin biyar, ko dai katunan sun yi tsawo ko ba a fahimci darasin ba, kuma maganin shi ne komawa ga kaye ko ga malami. Ƙara yawan bita ba zai gyara wannan ba. Idan zaman katuna ya wuce awa ɗaya kwana uku a jere, a dakatar da sababbi kwana biyu har tarin ya sauka, domin bita ita ke gaba da sabo a kowane hali. Idan kuwa tana cin kusan kowane kati amma makinta a tsohuwar takarda bai kai 10 bisa 20 ba, to katunan sun yi nasu aikin, abin da ya rage shi ne aikin gwaji, kuma lokacin da take ba katuna ya kamata ya ragu.

Akwai abin da bai warware ba. Ba a tabbatar cewa tazara mai faɗaɗa, irin ta 1, 3, 7, 14, ta fi tazara madaidaiciya ba, misali kowane kwana bakwai. Gwaje-gwajen da suka kwatanta su sun ba da sakamako mabambanta, kuma bambancin ƙarami ne idan aka gwada shi da bambancin da ke tsakanin mai rarraba bita da wanda ba ya rarrabawa. Haka nan rana ta 35 ba ta dace da kowa ba. Ɗalibin sashen A, wanda tarihi da harsuna suka fi masa nauyi, zai iya kaiwa rana ta 40. Na sashen C, wanda yawancin makinsa ke cikin lissafi da fiziya, bai kamata ya kai katuna 560 ba ma, 250 na ƙa'idoji da ma'anoni sun ishe shi. Amma ko wane sashe ne, a sa ranar rufe sababbin katuna a kalanda tun ranar farko, kada ta yi kusa da jarabawa fiye da makonni biyu, kuma kada a zubar da katunan bayan takarda ta ƙarshe, domin wanda aka kira zagaye na biyu zai buƙace su cikin ƴan kwanaki.